Jerin abubuwan farko na manhajar adashe ya ƙi taƙaituwa

Assalamu alaikum. A Daura nake, muna son gina manhajar adashe ta matan unguwarmu. Mai rubuta manhajar ya ce in kawo masa abubuwan da dole sigar farko ta ƙunsa, kada su wuce biyar. Sati biyu ke nan ina fama.

Na fara da 18. Na yi wa kowanne tambaya: in babu shi, za a iya zubi da kwasa? Na sauke 11, ciki har da hira, hotuna da tura kuɗi ta banki. Saura bakwai: rajistar 'yan adashe, rubuta zubi, jerin kwasa, nuna wadda ba ta zuba ba, saƙon tunatarwa, shiga da lambar waya, da aiki babu data.

Na ƙarshen ne ya tsaya mini a wuya. Uwar adashe ta ce in babu shi littafinta za ta koma, don ba kullum take da data ba. Mai rubuta manhajar kuma ya ce zai ninka aikin, domin in wayoyi biyu suka rubuta zubi ɗaya sai an daidaita su.

Don Allah, in uwar adashe kaɗai ce za ta riƙa rubutawa, a wayarta, zan iya soke shiga da lambar waya da saƙon tunatarwa, in bar aiki babu data cikin biyar ɗin?