Tambaya: sunan shago a ƙarshen taken shafi, a bar shi, a gajarta ko a cire?

Assalamu alaikum masana. Don Allah ku warware mana wata matsala kan shafin intanet na wani shagon atamfa da leshi a Katsina, mai shafukan kaya kusan 400.

Tsarin da aka saka tun farko yana liƙa cikakken sunan shagon a ƙarshen kowane take, ga shi sunan da kirarinsa sun cinye harafi 34. Gurbin take a sakamakon Google bai fi faɗin fiksel 600 ba a kwamfuta, wato harafi 55 zuwa 60, saboda haka kaya mai dogon suna sai a gutsure shi da ɗige uku. Wani wurin ma Google ya sake taken da kansa, ya ɗauko rubutun H1 ya watsar da namu.

Ga yadda yake yanzu, SUNA na nufin harafi 34 ɗin:

```html
<title>Leshi mai duwatsu, yadi 5, ruwan toka | SUNA</title>
```

An gwada gajarta sunan zuwa kalma ɗaya a shafuka 40. Bayan mako uku gutsurewar ta ragu, amma dannawa a Search Console ba ta nuna komai ba, wataƙila don masu shiga shafukan ba su da yawa.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, tunda Google na nuna sunan gidan a saman kowane sakamako, kuma an saka bayanan WebSite a shafin farko, maimaita shi ba asarar gurbi ba ce? A ganina a bar cikakken suna a shafin farko da na tuntuɓa, a cire daga shafukan kaya. Sai dai yawancin masu saye ta WhatsApp ake tura musu shafin, ina tsoron su ga kaya babu sunan shago. Shin og:title daban zai magance wannan, ko gajeren sunan ya fi?