Harafin da ake rubutawa amma ba a faɗa: yaya kuke rarraba kalmomin Turancin nan a aji?

Malama mai aji huɗu: Salamu alaikum malamai. Yara sun saba da Hausa, duk harafin da ido ya gani baki zai faɗe shi. Da an zo kan knife sai ka ji "kinaif", listen kuma "listin". Ana yanka kati talatin, a zana gida shida a ƙasa da alli: b, k, w, l, t, h, kowane yaro ya kai katinsa gidan harafin da ya yi shiru. Suna rarrabawa daidai, amma bayan kwana biyu an koma gidan jiya. Ina matsalar take?

Tsohon malamin Turanci: Wa'alaikumus salam Malama. Kati talatin da gida shida sun yi yawa a zama ɗaya. A fara da gida uku, kowanne kalma biyar. Kuma kada a sa wa gida sunan harafi shi kaɗai, a haɗa shi da maƙwabcinsa, don maƙwabcin ne ke nuna inda zai yi shiru. Gidan kn a farkon kalma: knee, know, knock, knot, knife. Gidan wr: write, wrong, wrist, wrap, wreck. Gidan mb a ƙarshen kalma: lamb, comb, climb, thumb, bomb. Yaron da aka ce masa "b ba ya magana" kawai, gobe zai haɗiye b ɗin number. Wanda ya riƙe "m da b a ƙarshe" ba zai yi haka ba.

Tsarin aikin ma da sauransa. Malami ya furta kalmar tukuna, katin na kife. Yara su maimaita, su ƙirga sautin da yatsu: knee sauti biyu ne. Sannan a buɗe kati, a ga haruffa huɗu, a ja wa k layi da jan biro. In ido ya riga kunne, sun riga sun karanta ta a Hausance, gyara kuma sai an sha wuya.

Ɗalibin koyon malanta: To ke nan Malam, duk mb da ke tsakiyar kalma ana faɗar b ɗinsa, kamar timber da member?

Tsohon malamin Turanci: Ka kama rabi. Climber da plumber fa? Na tsakiya ne, amma b shiru yake, kamar yadda yake a climb da plumb. A ƙasar nan kusan kowa da b yake kiran plumber, shi ya sa yara ke gardama a kanta. Sai a ware mata kati na musamman.

Malamin Islamiyya: Ni abin da na ga yana buɗe musu kai shi ne a tuna musu sun san irin wannan tun a allo. Lam ɗin ash-shamsu a rubuce yake, ba a furta shi, harafin da ke biye da shi ne ya jawo haka. Alifin da ke bayan wawun jam'i ma haka. Kuma kakanninmu da kunne suka ari kalmomi: hour ta zama awa, babu h, bomb ta zama bam.

Wata uwa: Nawa yaron p da f ne ke rikita shi, pan ya ce fan. Shi ma wannan katin zai yi?

Malama mai aji huɗu: A'a Hajiya, wancan musayar sauti ce, aikinta daban. Malam, saura kalma mai shiru biyu. Knight tana da k ga kuma gh. Knife da write ma suna da e a ƙarshe. Nan rigima ke tashi tsakanin yara.

Tsohon malamin Turanci: Knight a yi mata kati biyu, ta kwana a kowane gida. Ita e ta ƙarshe ban sa ta cikin wannan wasa ba, tana da aikin yi, ita ke raba hop da hope. A kuma cusa katunan tarko uku, milk, help, number, a ajiye musu gidan "babu mai shiru". In yaro ya kai milk wajen talk da walk, siffar kalma yake kallo, bai saurara ba.

Mai shirya 'yan WAEC: Ban yarda a fitar da e gaba ɗaya ba, a have da give me take yi? Often kuma a cire ta daga gidan t, Turawan kansu wasu na faɗar t ɗin, wasu ba sa faɗa. Listen, castle, whistle sun isa. Car da farm ma a bar su: r ɗinsu shiru ne a daidaitaccen lafazin Ingila, a Amurka kuwa ana jin sa.

Malama mai aji huɗu: To sign fa, tunda g ɗinta na dawowa a signature? In haɗa su rana ɗaya, ko in jira sai aji biyar?