Ku da kuka taɓa yin amshi, ta ina kuke gane lokacin shiga?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Akwai wani makaɗin kalangu da na gani a bukukuwa biyu na dangi. A na farko ya zo da yaransa na kullum, wuri ya ɗauki zafi har tsofaffi suka miƙe. A na biyu ya zo da wasu yaran aro, kuma waƙoƙin su ne dai, muryarsa ma ba abin da ya same ta, amma wasan ya yi lami, liƙi ma sai ɗai-ɗai. Yaran aron sun san kalmomin amshin sarai, na ji suna faɗa daidai. To me ya ɓace? Ina son jin bakin waɗanda suka taɓa tsayawa bayan mawaƙi ko suka riƙe abin kiɗa.

Tsohon Mai Kotso:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sanin kalmomi shi ne ƙaramin aiki cikin amshi. Na yi ƙuruciyata bayan wani makaɗin fada a ƙasar Zamfara, kuma mu masu kotson mu ne 'yan amshin, hannu na kiɗa baki na karɓa.

Amshi iri biyu na sani. Akwai wanda layi guda ne ba ya sakewa, maigida ya yi nasa ku maimaita, ya ƙara ku maimaita. Saurari Shata za ka ji haka a mafi yawan waƙoƙinsa. Akwai kuma namu na fada, irin na gidan Narambaɗa da Ɗanƙwairo, inda maigida zai ɗauko magana ya yanke ta a tsaka, mu mu cika, wani lokaci mu yi ƙari da layi biyu ko uku kafin a koma gindin waƙa, wato layin da ake komawa gare shi bayan kowane baiti. Bari in ƙaga misali. Ya ce: "Mai gari ya hau." Mu ce: "Doki ya san wanda ya hau shi." Idan ya sake cewa "Mai gari ya hau" da murya a sama, yana nufin mu sake cika masa, bai gama da wurin ba. Idan kuwa ya ja wasalin ƙarshe ya sauke murya, to ɗan waƙar, wato baitin, ya ƙare, mu cika mu zarce gindi, kotso ya tashi da ƙarfi.

Wannan saukar murya ita ce yaron aro ba ya ji. Shi sai ya ji maigida ya yi shiru sannan ya buɗe baki, alhali mu muna shiga ne a kan wutsiyar kalmarsa ta ƙarshe, kafin ta mutu. Ratar da yaron aro ke bari ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba, amma mai rawa ya riga ya ɗaga ƙafa, sai ya rasa inda zai aje ta. In aka yi haka sau uku sai ka ga ya koma ya zauna, shi kansa bai san dalili ba.

Abba Fiyano:
Baba, da girmamawa, ni a ganina matsalar ta na'ura ce kawai. A irin waɗannan bukukuwa makirfo ɗaya ake ba mawaƙi, 'yan amshi huɗu su taru kan guda. Muryarsa ta cika unguwa, tasu ba ta wuce layin gaba. Na sha haɗa sauti a wurin biki, da zarar na ɗaga nasu sai wasa ya gyaru.

Tsohon Mai Kotso:
Ka faɗi rabin gaskiya, Abba. Amshin da ba a ji ba tamkar ba a yi shi ba ne. Amma in sun makara, ɗaga musu sauti makarar za ka ƙara bayyanawa.

Maman Hanifa:
Ni daga ɓangaren mata zan yi magana, don na daɗe ina bin wata uwar ɗakina mai kiɗan ƙwarya, irin amadar da Barmani Choge ta shahara da ita. Abin da maza ba su cika lura ba shi ne amshi lokacin tunanin zabiya ne. Tana tsaye tana waƙa, sai ga wata hajiya ta shigo da jama'arta. Dole a ambace ta, a ambaci mijinta da garinsu, kuma zabiya ba ta san ta ba. Sai ta yi mana alama da hannu, mu riƙe amshi muna juya shi, sau biyu, sau uku, yayin da wata daga dangin amarya ke raɗa mata sunan a kunne. Kafin mu kai ƙarshen na ukun ta riga ta ɗinka sunan cikin karin waƙar. Masu kallo gani suke kamar dama ta san matar.

Ranar da aka samu sababbi a cikinmu, sun yi amshi sau ɗaya suka tsaya suna kallon bakinta. Wuri ya yi tsit sai ƙarar ƙwarya, kowa ya ga ana raɗa mata suna. Hajiyar ta yi liƙi dai, amma na kunya.

Wani abu kuma, babbar ƙwaryar da ake kifawa kan ruwa a baho, iskar da ke ƙarƙashinta ce ke ba ta wannan amo mai zurfi. In an daɗe ana duka iskar na raguwa, amon ya sake. Mai ita takan ɗaga ta ta sake kifawa, kuma a cikin amshi take yi, lokacin da muryoyinmu suka rufe wurin. Ba ta taɓa yi lokacin da zabiya ke magana ita kaɗai.

Sadiya Kano:
Ni ma na yi amshi a situdiyo. Ana ba ki layin, ki rera sau biyu ko uku, mai haɗawa ya zaɓi mai kyau ya manna duk inda ake so. Abin da ke damuna shi ne kuɗin da ake ba 'yan amshi bai taka kara ya karya ba, kuma ko sunanki ba a sawa. Wa ya san yadda ake raba kuɗi a ƙungiyoyin gargajiya?

Maman Hanifa:
Sadiya ƙanwata, maganar rabo zance ne mai tsawo, a bar shi wata rana. Amma kin taɓo wani abu ba da niyya ba. Amshin da aka manna ba ya jira kuma ba ya ƙara tsawo. Shi ya sa mawaƙin da ya zo biki da kiɗa a na'ura ba ya iya tsayawa ya yi wa baƙuwa kirari yadda ya kamata, sai dai ya sa a kashe kiɗan ya yi magana, sannan a kunna.

Na Gidan Sarkin Noma:
Mu a ƙauyenmu, gefen Maraɗi, a gayya na san abin nan. Mai gangar noma na bin bayan samari, kowa da kunyarsa. Amshin gajere ne ƙwarai, kalma biyu ko uku, don mutumin da ya duƙa da hauya ba shi da numfashin dogon layi. Makaɗi ya jefa, mu amsa daidai lokacin da hauya ke sauka. Da safe jifarsa doguwa ce, yana zuba kirarin iyaye da kakanni. Idan rana ta take ya ga an fara ja da baya, sai ya gajarta tasa, amshi ya riƙa zuwa kusa da kusa, hannu ya ƙara sauri ba tare da wani ya ce a yi sauri ba.

Amma abin yana da iyaka. Na ga wani matashin makaɗi ya matsa da yawa, aka kai inda numfashi bai isa amshi da sara tare ba. Mutane suka zaɓi sara suka bar amshi. Da amshi ya mutu layin ya watse, jarumai biyu suka yi gaba, saura kowa na nasa. Tsohon makaɗi da zarar ya ji amshin ya fara sirancewa yake sassautawa, ko ya kama taken mutum ɗaya ya bar sauran su huta a kan kallo.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. To su kalangan fa? A biki na biyun kamar kiɗan ma yana danne muryar mawaƙin.

Ƙanen Sarkin Kiɗa:
Wannan fannina ne. Tsakanin gangunan ma akwai jifa da karɓa, sunan ɗan karɓi ai bai zo a banza ba. Ƙananan, shi da kuntuku, su ke riƙe da ƙafar kiɗa, ba sa sakewa. Babban kalangu shi ke magana, ana matsa tsarkiyarsa a hammata murya ta hau, a saki ta sauka, har ya fitar da karin kalmomin Hausa. To ƙa'idar da yayana ya koya mini ita ce baki biyu ba sa magana lokaci guda. Idan mawaƙi na jero ɗan waƙa, babban kalangu ya koma ƙasa ya bi ƙananan. Idan aka faɗa amshi sai ya fito, ko ya faɗi amshin da kansa tare da muryoyi, ko ya cusa taken wani a ɗan gurbin da ke tsakanin ƙarshen amshi da shigowar mawaƙi. Makaɗin aro yana son a san ya iya, sai ya yi ta zuba gwaninta a kan maganar maigida. Wanda ake wasawa bai ji sunan ubansa ba, to me zai sa ya sa hannu a aljihu?

Inda nake da ja da wasu shi ne batun jama'a su karɓi amshi. Mutane na jin daɗi, amma taro kullum jan kiɗa yake baya. Mutum ɗari ba sa shiga tare, na nesa sai sun ji na kusa. In na biye musu, waƙar da muka fara da gudu sai ta koma tafiyar hawainiya.

Maman Hanifa:
A'a Malam, a nan ban bi ka ba. A wurinmu in matan gida ba su karɓa ba, ba a yi biki ba. Zabiya da gangan take zaɓar amshi mai sauƙi ta fara da shi. Ko 'yan mata a gaɗa, ai duk da'irar ce ke amsawa, kuma ba sa ja baya.

Ƙanen Sarkin Kiɗa:
Hajiya, 'yan gaɗa suna tafi, kuma suna ganin hannun juna. Tafin ne ke ɗaure su. Taron da ke zaune kan kujeru a ƙarƙashin rumfa uku ba shi da wannan.

Tsohon Mai Kotso:
A fada dai ba mu taɓa ba jama'a amshi ba, don ba su san inda ƙari yake ba. Amma na ga makaɗan dambe suna sakin shi ga fili, kuma filin na ɗauka. Wataƙila gajartar amshin ce, wataƙila don a tsaye suke a kewaye. Ɗana mai tambaya, in ka sake samun makaɗin nan da yaransa na asali, ka bar kallon bakinsa, ka tsaya inda za ka ga fuskar babban ɗan amshinsa. Za ka ga yana jan numfashi tun maigida na tsakiyar layi. Ka zo ka ba mu labarin a wace kalma yake ja.

Abba Fiyano:
In zai je, ya gaya mini ranar. Zan zo da ƙarin makirfo na 'yan amshi mu gwada tawa maganar ma.