Mun koma wani banki: yaya zan sanar da kwastomomi ba tare da sun ɗauke ni 'yar damfara ba?

Maman Yusra:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙaramin kamfani gare mu, muna yi wa wasu kamfanoni kusan 60 aiki, suna biya bayan kwana 30. Mun buɗe sabon asusu a wani banki, muna son rufe tsohon a ƙarshen wata mai zuwa. Matsalar ita ce a ƙasan kowace takardar neman biya tamu mun rubuta: "Ba za mu taɓa canza lambar asusunmu ta imel ba." To ga shi yanzu canjin ya zo da gaske. Yaya zan yi?

Baban Amir:
Wa alaikumus salam. Hajiya, abu mai sauƙi ne. Ki buga wasiƙa a kan takardar kamfani mai tambari, manaja ya sa hannu, a buga hatimi. Ki karɓo takardar shaida daga sabon bankin cewa asusun naku ne, ki haɗa su biyu a PDF ki tura wa kowa. Ki sa lambar wayarki a ƙasa, wanda yake shakka ya kira.

Malam Akanta:
Baban Amir, wasiƙar tana da amfani, amma ba ita za ta raba gardama ba. Aikina ke nan, ni ne mai zama a teburin da ake biyan masu kawo mana kaya, kuma duk wasiƙar bogi da ta taɓa zuwa hannuna da tambarinta da hatiminta da sa hannunta ta zo. Wanda ya taɓa ganin takardarku guda ɗaya zai iya kwafe waɗannan duka. Tsakanin 2013 da 2015 wani mutumin Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi wa kamfaninsa rajista da sunan Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke yi wa Google da Facebook kayan na'ura. Ya riƙa tura musu takardun neman biya da kwangiloli masu hatimin ƙarya, suka tura masa sama da dala miliyan 100. A 2019 kotu a New York ta ɗaure shi shekara 5. Idan hatimi ya ruɗi waɗannan, ba dalilin da zai sa in sake jiki don na ga hatimi.

Lambar wayar nan da ka ce a sa a ƙasa kuwa, ita ce abu na farko da ba zan taɓa ba. Idan wasiƙar ta ɓarawo ce, shi zai ɗaga wayar ya ce eh, gaskiya ne.

Hajiya, saƙon da kika tura ba zai iya yi wa kansa shaida ba, komai kyansa. Abin da ke sa na yarda shi ne in bi wata hanya da na riga na sani tun kafin saƙon ya zo, in tarar da magana iri ɗaya a can. Saboda haka ki daina neman kalmomin da za su gamsar da mutane, ki shirya musu hanyar da za su bincike ki cikin sauƙi.

Ni da zan yi, kashi biyu zan raba sanarwar. Ta farko ta fita tun da sauran makonni 4 zuwa 6, daga adireshin da suka saba gani, kuma babu lambar asusu ko ɗaya a cikinta. Kamar haka:

"Muna sanar da ku cewa daga ranar 1 ga watan kaza, sababbin takardunmu na neman biya za su zo da sabon asusu. Babu lambar asusun a wannan saƙon. Takardun da suke hannunku yanzu, ku biya su a tsohon asusu kamar yadda aka saba. Kafin ku canza komai a wajenku, ku kira mu a lambar da kuke da ita tun da, wadda ke cikin kwangilarmu. Babu gaggawa."

Kin ga wannan bai karya alkawarin da ke ƙasan takardunku ba. Ba ki canza asusu ta imel ba, kin dai ce canji yana tafe, kin kuma tura su ga waya.

Bayan haka, wanda kowane kwastoma ya san muryarsa a cikinku shi zai kira shi. Kuma a nemi mai biyan kuɗin, domin sau da yawa wanda kuke gaisawa da shi kullum wajen aiki ba shi ne ke da ikon taɓa bayanan biya ba. A nan ne wasiƙar Baban Amir take shigowa, a matsayin kashi na biyu: ita ce za a ajiye a fayil, mai binciken kuɗi ya gani daga baya. Idan ta isa, su ne za su kira ku, ku karanto musu lambar daga bakinku su duba ta yi daidai da ta takarda. Kada su karanto ku ce "eh". Ku karanto, su saurara.

Alhaji Mai Sufuri:
Subhanallah. Ki je banki gobe da sassafe su toshe asusun, ki canza duk lambobin sirri. Kada ki jira sai sun kwashe.

Maman Yusra:
Alhaji, ba a taɓa mana komai ba, mu ne da kanmu muke ƙaura. Na gode dai. Malam Akanta, akwai abin da ban faɗa ba. Kwastomomi sun san mu da sunan da ke jikin tambari, kuma da shi aka buɗe tsohon asusun. Sabon kuwa da cikakken sunan rajista aka buɗe shi, kuma sunayen biyu ba su yi kama sosai ba. Wannan zai kawo matsala?

Malam Akanta:
Babba ma. Gara da kika faɗa. Sabon banki da sabon suna a lokaci guda, a wajena wannan ya isa in dakatar da biya. A Birtaniya tun 2020 manyan bankuna ke gwada sunan da mai turawa ya rubuta da sunan da ke kan asusu, su gargaɗe shi idan ba su dace ba, kuma ƙasashen da ke amfani da yuro sun fara irin wannan a watan Oktoban 2025. Ko a inda babu wannan tsari, manhajar banki kan nuna sunan mai asusu kafin a danna. Mai biya ya ga baƙon suna, sai ya janye hannu, kuma ya yi daidai.

Ki fara tambayar bankin ko za su iya haɗa sunan kasuwancin a kan asusun. Idan ba zai yiwu ba, ki fara sa sunayen biyu tare a kan takardunku tun wannan watan, alhali ana biya a tsohon asusu, don idonsu ya saba. A sanarwar farko ma ki rubuta sunan da za su gani harafi da harafi, ki ce su duba kwangila, ai da sunan rajista kuka sa hannu.

Batun rufe tsohon asusu a ƙarshen wata mai zuwa kuma, ban goyi baya ba. Ki lissafa: takardar da kuka fitar ranar ƙarshe kafin canji tana da kwana 30, kuma kin san akwai masu makara. Manyan kamfanoni kan ɗauki makonni kafin su sabunta bayanan mai kawo kaya, don sai mutum biyu sun amince. Ki bar shi a buɗe aƙalla kwana 90. Kuma kada ki sake tura tsohuwar takarda da sabuwar lamba a jikinta. Wannan shi ne ainihin aikin 'yan damfara: takardar da kake tsammani, adadin da kake tsammani, lamba kawai aka sauya.

Yaya Hauwa:
Ni abin da ya same mu ne zan ba da labari, ko zai yi amfani. Mun yi sanarwa irin wannan, komai daidai. Ashe an daɗe da shiga akwatin imel na ma'aikacinmu ba mu sani ba. Ɓarawon yana zaune yana karanta komai. Da ya ga mun tura sabuwar lambar, sai washegari ya bi wasu kwastomomi da saƙo daga adireshinmu na gaskiya, a ƙarƙashin zaren hirar, ya ce an yi kuskure a lambar jiya, ga ta daidai. Ya kuma kafa doka a akwatin cewa duk amsar da ke ɗauke da kalmar "asusu" ta wuce wata jaka da ba ma buɗewa. Allah Ya taimake mu wata kashiya ta ɗaga waya ta kira. Tun daga nan nake ganin lokacin canjin asusu ya fi kowane lokaci haɗari, don kowa yana jiran sabuwar lamba.

Ɗan Kwamfuta:
Yaya Hauwa ta taɓo inda nake so. Anti, kafin ki tura komai ki shiga saitin imel ɗin duk wanda ke tura takardun biya, ki duba dokokin tace saƙo da na tura kwafi zuwa wani adireshi. Duk wadda ba ku kuka kafa ba, alama ce. Ki duba na'urorin da suka shiga kwanan nan, a canza kalmar sirri, a kunna tantancewa mai mataki biyu. Ki sa mai kula da shafinku ya tabbatar SPF da DKIM da DMARC suna aiki, su ne ke wahalar da mai son tura saƙo da sunan adireshinku. Amma ba sa hana wani ya sayi suna mai kama da naku. Dubi waɗannan:

```
biya@kamfaninmu.example
biya@karnfaninmu.example
```

A na biyun r da n ne suka tsaya a wurin m. A allon waya ba kowa zai lura ba. Ki ƙara layi ɗaya a sanarwar farko: lamba ɗaya ce za ta zo, sau ɗaya, duk wani "gyara" da ya biyo baya ba daga gare ku yake ba.

Baban Amir:
Duk na ji, amma kiran mutum 60 ɗaya bayan ɗaya aiki ne fa. Kuma Malam, kwana 90 da asusu biyu a buɗe, lissafi zai rikice, ga cajin banki biyu.

Malam Akanta:
Ba dole a yi wa kowa daidai ba. Ta jera su bisa yawan kuɗin da suke biya, manyan 15 ko 20 ta kira su da kanta, ta kuma roƙi kowanne ya fara tura ɗan ƙaramin kuɗi na gwaji, ta kira ta faɗa masa nawa ya shigo kafin ya saki babban. Sauran a raba wa ma'aikata. A riƙe takarda guda: wa aka kira, ran nawa, wa ya amsa, ya sabunta ko bai sabunta ba. Cajin asusu biyu kuwa, ni na fi yarda da shi a kan kuɗin da zai koma wa mai shi don asusu a rufe yake, sannan a fara bi daga farko.

Baban Amir:
Ni dai har yanzu ina ganin kwana 60 sun isa ga masu biyan kwana 30.

Maman Yusra:
Zan tambayi tsohon bankin nawa za su caje mu na wata uku, sai in yanke. Malam Akanta, kwastoma biyu daga cikin manyan ba sa karɓar canji ta waya sam, sai an cike fom a shafinsu na masu kawo kaya. Su ma in tura musu sanarwar farko, ko in wuce kai tsaye can?

Malam Akanta:
Ki tura musu, sannan ki cike fom ɗin tun a makon farko. Irinsu ne suka fi jan lokaci, kuma za su nemi takardar shaidar bankin, don haka ki karɓo ta tun yanzu.