Na riga na buga kwafi 200, yanzu an ce tambaya ta 7 tagwaye ce

Ummu Hanan: Salam 'yan uwa. Bincikena na kammala digiri kan mata masu zuwa awo ne, na buga takardar tambayoyi kwafi 200, shafi uku-uku, sai yau malamina ya ja jan biro a kan ta 7: "Ma'aikatan jinya suna da fara'a kuma suna duba ki da wuri? Eh/A'a". Wai tambaya biyu na haɗa. In sake bugawa ne ko in raba haka?

Ɗan Fage: Zuba su a KoboToolbox kawai, wa ke takarda yanzu.

Anti Malama: Ƙanwata malaminki ya yi gaskiya. Matar da aka tarba da fara'a amma ta zauna a benci tun bakwai har azahar, me za ta zaɓa? In ta ce a'a ba ki san wanne take nufi ba. Raba su, fara'a daban, jira kuma ki tambayi awa nawa ta yi. Turo na ƙasansu.

Ummu Hanan: 8. "Ba kya ganin ya kamata a ƙara ma'aikata?" 9. "Sau nawa kika yi sakacin zuwa awo?"

Anti Malama: Kai! Ta 8 kin sa mata amsa a baki, wace ce za ta ce a'a a gabanki? Ta 9 kuma kin gama yanke mata hukunci, ita da ba ta taɓa fashi ba fa? Ce "a wata uku da suka wuce sau nawa kika je awo?"

Baban Khalifa: Ni wannan ta ci ni wallahi, na tambayi manoma ko taki na da tsada da wahalar samu, sati biyar ina yawo a mashin ƙauye-ƙauye har da faɗuwa a kwalbati, na shigar da komai SPSS, ranar kare aiki wani malami ya ce kashin da suka ce eh ɗin nan tsada suke kuka da ita ko rashi? Na yi tsuru-tsuru. Aka soke babi na huɗu, abokaina suka tafi bautar ƙasa suka bar ni.

Ɗan Fage: Tagwaye ne, a raɗa musu Hassana da Usaina a wuce wurin 😂

Mai Shago: Shafi ɗaya ne ai, naira 30 kwafi, dubu 6 an gama.

Ummu Hanan: 30 a ina? 50 aka buga min.

Injiniya: Goge "kuma" ki sa waƙafi, shi ke nan.

Anti Malama: Waƙafi ba ya mayar da biyu ɗaya. Ki gyara, ki gwada kan mata goma tukuna, da baki da Hausa, kafin ki sake kashe ko sisi.

Injiniya: Anti kowa fa ya yi digiri a nan.

Baban Khalifa: Ni tambayata, ina malamin yake kafin ta buga? Nawa wata biyu takardata na kan teburinsa, kullum yana taro.

Mai Shago: Naku ma yana da tebur.