Wasiƙar neman rance zuwa ga manajan banki: wa ya taɓa rubutawa?

Maman Rabi: Salamu alaikum 'yan zaure. Shagon da ke maƙwabtaka da nawa a Aboabo, nan Kumasi, ya zama fanko, mai gida ya ce in ina so in fasa bango in haɗa. Na je bankin da nake ajiya, suka ce in rubuto wa manaja wasiƙa, in faɗi nawa nake so da yadda zan biya. Sidi 20,000 nake tunani: firiza 6,500, kanta 2,500, sauran 11,000 na kaya. Ban san ta inda zan fara ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Baban Yusif: 20,000 na sabon kuɗi? Miliyan ɗari biyu ke nan fa!

Hajiya Laraba: Baban Yusif, tun 2007 aka canja kuɗin nan, kai kaɗai ka rage kana lissafi da miliyan.

Baban Yusif: A Alabar har gobe da miliyan ake ciniki, je ki tambaya.

Mubarak: Anti, ki rubuta 30,000. Duk abin da ka nema sai sun rage, in sun yanke sai ki faɗo kan 20,000 ɗinki daidai.

Alhaji Sani: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki bi maganar Mubarak, irin wannan shawarar ce ta kusa raba ni da shagona. A 2022 na nemi 30,000 don ƙarin shinkafa da mai. Wani yaro mai buga takardu a Adum ya rubuta mini wasiƙa shafi biyu, Turanci mai daɗi, wai ni ɗan kasuwa ne mai riƙon amana kuma zan biya kan kari. Babu lissafi ko layi ɗaya a ciki, ni ma ban yi a gida ba. Wani ƙaramin gidan rance suka ba ni, ruwa 4 cikin ɗari a wata, wata 12. Na ji "huɗu" sai na ga ai kaɗan ne. Ashe kowane wata a kan 30,000 ɗin gaba ɗaya suke lissafawa, ko da na biya rabi. 1,200 sau 12 ya zama 14,400, jimla 44,400, kowane wata in kai 3,700. Kuma 28,800 ne ya shigo asusuna, sun cire 1,200 tun farko na aikin takardu da inshora.

Shekarar ce farashi ya haukace, a Disamba hauhawar ta wuce 50 cikin ɗari. In na sayar da jarkar mai, kuɗin ba ya sayen wata jarkar. Wata na biyar na fara cire kuɗin biya daga cikin jari, kanta tana raguwa ina kallo. A wata na takwas na makara, suka kira ƙanina da ya tsaya mini, suka ce za su taɓa albashinsa. Na gama biya, alhamdulillahi, amma sai da na sayar da babur. Har yau in muka zauna da ƙanin nan ina jin nauyinsa.

Hajiya Laraba: Allah ya kiyaye gaba, Alhaji.

Mubarak: Ni dai abokina sun rage masa.

Anti Zulai: Suna ragewa, Mubarak, amma ba ciniki ake yi kamar na atamfa ba. Na yi shekaru a teburin rance kafin in bar aiki. Abin da ke shiga asusun mutum muke dubawa. In adadin da ya nema ya fi ƙarfin cinikinsa, abu na farko da muke fahimta shi ne bai san shagonsa ba. Maman Rabi, bar maganar wasiƙa tukuna. Nawa kike sayarwa a rana, kuma nawa ke fita a wata?

Maman Rabi: Kamar 1,500 a rana, kwana 26. Riba a kayan masarufi ba ta wuce 10 cikin ɗari in an haɗa. Haya 400, wuta 350, yarinyar da ke taya ni 500, cefanen da nake ɗauka 900.

Anti Zulai: To mu lissafa tare. Ciniki 39,000 a wata, riba 3,900. Cire 2,150 na abin da kika lissafo, saura 1,750. Wannan 1,750 ita ce duk ƙarfinki, daga cikinta za ki biya bashi. A ɗauka sun ce ruwa 3 cikin ɗari a wata, ba na ce haka za su faɗa ba, misali ne. In irin lissafin da aka yi wa Alhaji ne, 20,000 a wata 12 zai zama 2,267 kowane wata. In kuwa a kan abin da ya rage ake lissafa ruwan, kusan 2,010 ne. Duka biyun sun fi 1,750. Ke nan tun watan farko jari za ki fara ci.

Maman Rabi: Amma Anti, ai in firiza ta zo ciniki zai ƙaru. Ruwan leda da sobolo da ƙanƙara suna tafiya sosai a layinmu.

Anti Zulai: Zai ƙaru in sha Allah, kuma ki faɗi haka a wasiƙar. Sai dai kada ki ɗora biyan a kansa. Watan zafi da azumi firiza tana kawo kuɗi, amma daga Yuni zuwa Agusta gari ya yi sanyi, ga kuɗin wuta da zai hau, ga ranar da za a ɗauke wuta kaya su narke. Banki kuwa ranarsa ɗaya ce kowane wata. Ni da ke ce, 12,000 zan nema: firiza 6,500, kaya 5,500. A lissafin farko 1,360 a wata, a na biyu kusan 1,206. Ko wanne ne, kina da ragowa a hannu ko ciniki bai ƙaru da pesewa ɗaya ba. Kanta kuma ki yi da kuɗinki, ki rubuta cewa ke ma kin zuba 2,500. Manaja yana son ya ga kuɗin mai nema a cikin aikin.

Malam Awudu: Ku yi haƙuri in sa baki. Muna ta lissafin ruwa kamar ba mu san hukuncinsa ba. Maman Rabi, kafin ki je banki kin gwada masu sarin da kike ɗauka wurinsu a Kejetia? In sun ba ki kaya bashi na mako biyu, 5,500 ɗin ta fita ba tare da ruwa ba.

Maman Rabi: Malam, gaskiya ne, abin yana damuna. Mutum ɗaya yana ba ni madara da sukari bashi, amma ba wanda zai ba ni firiza.

Malam Awudu: Adashi fa?

Hajiya Laraba: Adashinmu ɗaukarta sai wata na bakwai. Na roƙi a yi mata musanya, wata ta ƙi.

Maman Fati: Hajiya ki faɗi suna mana. Ni ce na ƙi, kuma kin san kuɗin makarantar yara ne. Bara da na nemi musanya wa ya yarda?

Hajiya Laraba: Ban kira sunan kowa ba.

Alhaji Sani: Ku bar wannan zuwa ranar taro don Allah.

Baban Yusif: Ni firiza ta hannu na saya wurin masu gyara, shekara uku tana aiki lafiya.

Mubarak: Da kuɗin banki ba za su yarda da ta hannu ba.

Anti Zulai: Ya danganta da banki. Abin da na sani shi ne sukan nemi takardar farashi daga mai sayarwa, wani lokaci ma shi za su biya kai tsaye. Maman Rabi, in kin yanke shawarar zuwa, ga yadda zan tsara. Shafi ɗaya ya isa. Da Turanci za a kai, amma ki fara rubutawa da Hausa yadda in an tambaye ki kowane layi za ki iya karewa. Sama adireshinki da kwanan wata, sai "Manaja" da sunan banki da reshe, sai kan magana: neman rancen sidi 12,000 don faɗaɗa shago. Cikin kuma kamar haka:

"Ina da shagon kayan masarufi a Aboabo, shekara kaza ina gudanar da shi, kuma ina da asusu a reshenku mai lamba kaza. Ina neman rancen sidi 12,000 na wata 12. Zan sayi firiza da 6,500, in ƙara kaya da 5,500. Kanta ta 2,500 zan yi da kuɗina. Cinikina na wata kusan 39,000 ne, bayan duk abin da nake kashewa 1,750 ke rage mini. Daga ciki zan iya biyan har 1,400 kowane wata, a cire daga asusuna ranar 28. Firizar da kayan shago su ne jingina, kuma wane zai tsaya mini."

Sai ki lissafa takardun da kika haɗa, ki sa hannu da lambar waya.

Maman Rabi: Ba zan rubuta kuɗin ruwan ba?

Anti Zulai: Ba ke za ki yanke shi ba, don haka ki faɗi iyakar abin da za ki iya biya. Amma kafin ki sa hannu a komai, doka ta 2020 ta masu ba da rance da masu karɓa ta ba ki haƙƙin ganin cikakken bayani a rubuce. Ki nemi jadawalin biyan wata-wata. Ki tambaye su: ruwan a kan uwar kuɗi ne ko a kan abin da ya rage, nawa za a cire kafin kuɗi ya shigo, nawa ne tarar makara, kuma in na biya da wuri akwai caji? Ki kawo takardar gida ki kwana da ita.

Alhaji Sani: Da na yi tambayar farko kaɗai, da babur ɗina yana nan.

Maman Rabi: Wace takarda da wace zan haɗa?

Anti Zulai: Katin Ghana, tun Yulin 2022 shi banki ke karɓa. Adireshin gida na dijital, rasit na lasisin kasuwanci na hukumar Asokore Mampong, takardar rajistar sunan shago in kina da ita, yarjejeniyar haya, da sitatimen na wata 6. A nan nake jin tsoro: kuɗin cinikin yana shiga asusun kuwa?

Maman Rabi: Kaɗan. Yawanci Momo ne, sauran daga akwati nake wucewa da shi sari.

Anti Zulai: To kin rubuta 39,000, asusu kuma yana nuna 4,000, wanne za su gaskata? Ki ciro sitatimen na Momo, ki haɗa da littafin ciniki da rasit na sari. Za su aiko mutum ya duba shagon, ya ƙirga kaya, ya tambayi maƙwabta. In za ki iya jiran wata uku kina zuba ciniki a asusu kafin ki kai wasiƙar, ya fi.

Maman Rabi: Mai gida ya ce ƙarshen wata yake son amsa, kuma hayar shekara yake so a dunƙule.

Anti Zulai: Hayar sabon ɗakin ba ta cikin 400 ɗin da kika faɗa?

Maman Rabi: A'a, wannan ta tsohon ce. Sabon 350 a wata.

Anti Zulai: To lissafi ya canja. 4,200 a dunƙule, kuma 1,750 ta koma 1,400. Kada ki rubuta komai yau. Gobe bayan la'asar ki zo da littafinki mu sake zama a kai.

Malam Awudu: Ni ma zan yi magana da wani mai sari da na sani, a ga ko zai ba da kaya.

Baban Yusif: Wa ya san mai walda da zai yi ƙofar ƙarfe a Asawase? Tawa ta lalace tun jiya.