Babban mudir ko ƙaramin manaja: wa ya fi buƙatar lallashi a rubuce?

Habibu: Yayyena, kwantenar kamfaninmu ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Jidda, sai an biya riyal 18,000 kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis. Zan rubuta wa babban mudir, wato babban manajan kamfanin, zan kuma rubuta wa ƙaramin manajan sufuri. An ce min in cika wa babba ladabi, ƙarami kuwa in gaya masa kai tsaye. Haka ne?

Alhaji Bala: Haka ne ƙanena. Nan ƙasar laƙabi ce. Ka fara da Sa'adatul Mudir, ka sa masa hafizahullah, ka rufe da gaisuwar girmamawa. Kada dai ka kira shi Ma'ali, wannan na ministoci ne da masu matsayinsu. Shi ƙaramin, layi biyu sun ishe shi, ai aikinsa ne.

Hajiya Rabi: Alhaji, a kan laƙabi na yarda da kai, sauran kuwa a juye yake. Na daɗe a ofishin wani babban mudir a Riyad, ni ke tace masa saƙonni. A waya yake karantawa tsakanin taro da taro, abin da ya wuce layi huɗu ba ya kaiwa ƙarshensa. In ka cinye layukan da addu'a, buƙatarka ta nutse. Habibu, bayan sallama da laƙabi ka rubuta: "Ina neman amincewarku a biya riyal 18,000 kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis domin a fito da kwantenar. In lokacin ya wuce, sai Lahadi, kuɗin ajiya kuma na hawa kullum. Takardu na haɗe." Kada ka ba shi tarihin wanda ya yi sakaci. Kuma "ina neman amincewarku" za ka ce, ba "wajibi ne a biya" ba, ko da wajibin ne.

Alhaji Bala: Hajiya, wannan ai ya bushe. Ba zai ce yaron ba shi da tarbiyya ba?

Hajiya Rabi: Ranka ya daɗe, ladabin na cikin laƙabi da barin hukunci a hannunsa. Inda ake ɓarna shi ne wajen ƙaramin. Habibu ba ogansa ba ne, ba shi da ikon ba shi umarni, kuma takardar a kan teburinsa za ta kwana ko ta tashi. Shi ne zai sami doguwar wasiƙa: lambar kwantena, lambar takardar lodi, abin da mai fito da kaya ya ce ya rage, da wanda za a kira. Ka kira shi Ustaz, ko Abu wane in kun saba. Ka tambaye shi, "Me kake buƙata daga wajena don a gama kafin Alhamis?" Ƙaramin manaja da ya ji an raina shi ba ya ce maka a'a. Zai ce insha Allah gobe, goben kuma ta yi ta nisa.

Musbahu: Ni a ganina da Turanci kawai za ka rubuta, manajan wurin aikina ɗan Indiya ne, ba ruwansa da Sa'ada.

Habibu: Yaya Musbahu, ba harshe nake tambaya ba, dukansu Larabawa ne. Amma Hajiya, in sa babban mudir a CC na wasiƙar ƙaramin, wato shi ma ya sami kwafinta?

Hajiya Rabi: A karon farko, a'a. Duk laushin kalamanka, da ya ga sunan oga a CC zai ɗauka ƙararsa ka kai. Alamar ita ce amsarsa za ta zo a sandare, cike da ranaku da "kamar yadda na sanar a baya", yana kare kansa maimakon ya fito da kaya. Ka rubuta masa tukuna, ka faɗa masa za ka nemi amincewar biyan kuɗin daga sama, don kada ya ji labarin a bakin wani.

Alhaji Bala: Nan kam ban bi ki ba. Na taɓa lallaɓa wani ƙaramin manaja a wani kamfani a Makka, ba CC ba komai. Da abin ya lalace sai ya ce bai ga saƙona ba, ni aka zaftare wa albashi. Riyal 18,000 ba kuɗin shayi ba ne. A sa oga tun farko.

Hajiya Rabi: Imel ɗin kansa shaida ne, Alhaji. In Laraba ta yi bai motsa ba, a sa ogansa na kusa, ba babban mudir ba.

Alhaji Bala: In ogan nasa na kusa ya tafi hutu fa?

Habibu: Alhaji, kamar ka sani, ya tafi hutu tun makon jiya.